Yadda ake zaɓar lambar sikanin don ƙaramin hoto da fim, idan ana so a faɗaɗa su daga baya

Hoton fasfo faɗinsa santimita 3.5 ne, tsayinsa 4.5. A gidaje da yawa shi kaɗai ne hoton kaka ko na mahaifi da ya rage, an ciro shi daga tsohon katin aiki ko takardar makaranta. Idan aka kai shi shagon kwamfuta, yaron shago zai ɗora shi a sikana ya danna, injin ya ɗauka a lambar da aka saba barinsa a kai saboda takardu, wato 200 ko 300 dpi. A allon waya hoton zai fito tsaf. Sai ranar da aka ce a wanke shi babba a sa a firem ne za a ga fuskar ta farfashe, gefen hula ya zama hawa-hawa, ido ya zama tabo. Ba mai wankin ba ne ya ɓata aikin. An ɓata shi tun ranar sikanin, lokacin da aka zaɓi lamba ba tare da an tambayi girman da za a wanke ba.

Wannan tambayar ita ce farkon aikin, sauran duk lissafi ne da gwaji.

Fara da girman da za a wanke

Lambar dpi tana nufin yawan ɗigon da sikana za ta ɗauka a kowane inci ɗaya na abin da aka ɗora mata. Inci ɗaya santimita 2.54 ne. Kowane ɗigo da ta ɗauka shi ne fiksel ɗaya a cikin fayil. Idan an zo wanki, waɗannan ɗigon ne ake shimfiɗawa a kan takarda, kuma hoton da za a riƙe a hannu a duba yana bukatar kusan fiksel 300 a kowane inci kafin ido ya daina ganin ɗigon ɗaya-ɗaya. To idan ka ɗauki inci ɗaya a ɗigo 300, sannan ka shimfiɗa shi a kan inci shida, kowane inci na sabon hoton ɗigo 50 kacal zai samu. Abin da ke farfasa fuska ke nan.

Saboda haka lissafin yana tafiya ne daga ƙarshe zuwa farko:

```
dpi = (faɗin wanki ÷ faɗin asali) × 300
```

Ka sa rula ka auna hoton da kanka, kuma ka auna sashen da ke da hoto kawai, ban da farin gefen nan da tsofaffin hotuna suke zuwa da shi. Ko da santimita ka auna ko da inci duk ɗaya ne, in dai ma'auni guda ka yi amfani da shi a ɓangarorin biyu.

Mu koma kan fasfon. Ana so a wanke shi a girman inci 8 da inci 10, wanda ya yi kusan santimita 20 da 25, girman da ake samun firem ɗinsa cikin sauƙi. Santimita 20 a raba da 3.5 ya ba da 5.7 da 'yan kai. A ninka da 300, an samu sama da 1,700. Wato injin da ya ɗauka a 300 ya ba da wajen kashi ɗaya cikin shida ne na abin da ake bukata a kowane gefe. Babu 1,700 a jerin lambobin da yawancin injuna suke nunawa, sai a hau zuwa ta sama, 2400. A wannan lambar fayil ɗin zai fito da faɗin fiksel kusan 3,300 da tsayin 4,250. Idan injin bai wuce 1200 ba, kada a fasa: za a samu fiksel kusan 1,650 a faɗi, wanda idan aka shimfiɗa a inci 8 zai ba da ɗan sama da 200 a kowane inci. Ga hoton da zai rataya a bangon falo, ba wanda zai lura da bambancin.

Wannan 300 ɗin ba wajibi ba ce a ko'ina. Gwargwadon nisan mai kallo, gwargwadon raguwar bukata. Hoton bango da ake tsayawa nesa da shi da taku biyu ko uku, 200 ta ishe shi. Babban allon roba na taro ko walima, wanda ba a matsowa kusa, 100 ma tana yi. Sai ka sauya 300 ɗin da ke cikin lissafin da lambar da ta dace. Ni dai na fi son in yi lissafi da 300 in bar rara, domin rage girman fayil daga baya abu ne mai sauƙi, amma ɗigon da ba a ɗauka ba ba ya dawowa.

Abin da katin hoto yake iya bayarwa

A nan ne mutane suke ruɗewa, su ɗauka ƙara lamba yana ƙara kaifi. Sikana ba ta iya ciro abin da babu shi a takardar. Hoton kala na santimita 10 da 15, irin wanda aka riƙa wankewa a injin gaggawa a shekarun 1990, bayanan da ke cikinsa ba su cika wuce abin da 300 dpi za ta kwashe ba. Idan aka ɗauke shi a 600 an kwashe duk abin da yake da shi har da rara, kuma za a samu fiksel kusan 2,400 da 3,600, wanda ya isa wankin santimita 20 da 30. Daga 600 zuwa sama, abin da ke ƙaruwa shi ne saƙar takardar, da zanen yatsa, da ƙura.

To me ya sa muka ɗauki fasfo a 2400 alhali shi ma kati ne? Domin iri biyu ne na rashin kaifi. Akwai laushin da ke cikin hoton tun asali, wanda idan ya faɗaɗa sai ya zama kamar an ɗan shafa shi, ido kuma yana karɓarsa a matsayin tsohon hoto. Akwai kuma farfashewar fiksel, mai murabba'ai da gefe mai hawa-hawa, wadda kowa ya gani ya san aiki ne ya lalace. Babbar lamba ba ta maganin na farkon, amma tana hana na biyun. Kuma tana sa gyaran karce da tabo ya yi sauƙi, tunda mai gyara yana da ɗigo masu yawa da zai yi aiki a kansu.

Akwai wani ƙaramin kati da ya fi ƙarfin wannan ƙa'idar, wato tsofaffin hotuna baƙi da fari masu girman kusan santimita 6 da 9, ko 6 da 6. Da yawansu an wanke su ne ta hanyar ɗora fim ɗin kai tsaye a kan takarda, ba a faɗaɗa ba, shi ya sa girmansu ya zo daidai da girman fim ɗin. Irin waɗannan suna ɓoye da bayanai fiye da yadda ido ke gani. Ka sa gilashin ƙara girma ka duba, sau da yawa za ka ga aikin zaren wuyan riga ko rubutun allon da ke bayan mutum. Su kam 1200 ta cancanta. Lissafi ma ya yarda: daga santimita 9 zuwa 30 ninki uku da sulusi ne, a ninka da 300 ya ba da 1,000, a hau zuwa 1200.

Wurin da aka fi shan kunya shi ne ciro fuska ɗaya daga hoton taro. A ce hoton biki ne na santimita 10 da 15, mutum ashirin a tsaye, ana so a ciro kan mutum ɗaya mai faɗin santimita 2 a wanke shi a faɗin santimita 13. A nan faɗin asali ba 10 ba ne, 2 ne, domin sashen da za a yanka shi ake aunawa. Lissafi zai ce 1,950, wato a ɗauka a 2400. Ka ɗauka, amma ka faɗa wa mai hoton gaskiya tun kafin ya biya kuɗin firem: santimita 2 na irin wannan katin ba su ɗauke da ainihin bayanai da suka wuce ɗigo ɗari biyu da 'yan kai a faɗi. Za a gane mutumin, amma ba za a ga gashin gira ba. Sau da yawa gara a wanke shi ƙarami, ko a bar shi tare da mutum biyun da ke gefensa. Idan kuma fim ɗin wannan bikin yana nan a cikin ambulan ɗin da mai hoto ya bayar, a ajiye katin a nemo fim ɗin.

Fim da silaid

Fim shi ne asalin, kati kwafi ne. Filin hoto ɗaya a fim ɗin 35mm milimita 24 ne da 36, bai kai inci ɗaya da rabi ba a tsawo, amma abin da ke cikinsa ya ninka na katin da aka wanke daga gare shi. Silaid ma, wato fim ɗin da ake haska hotonsa a bango, girmansu ɗaya, sai dai shi launinsa na gaskiya ne ba a juye ba, kuma firem ɗin kwali ko robar da ke riƙe shi yana ɗan cinye gefe. Tunda filin ƙarami ne, lambar dole ta yi girma.

A 2400 dpi fim ɗin 35mm yana ba da fiksel kusan 2,270 da 3,400. Wannan ya ɗan gaza cika takardar A4 a 300, amma kaɗan ne ya rage. A 3200 ana samun kusan 3,020 da 4,530, wanda ya rufe A4 da rara, ya kai wankin inci 10 da 15. Takardar A3 a 300 tana bukatar fiksel 3,508 a gajeren gefenta. Gajeren gefen fim ɗin milimita 24 ne, wato inci 0.945, idan aka raba sai a samu kusan 3,700, saboda haka 4000 ake zaɓa. Daga nan sama, a yawancin fim ɗin kala da iyalai suka yi amfani da shi a ƙananan kyamarori, ƙwayoyin fim ɗin kawai ake ƙara gani.

Babban fim mai lamba 120, wanda masu situdiyo na da suka yi aiki da shi, ya fi sauƙi. Filin da ake kira 6 da 6 a zahiri milimita 56 ne kowane gefe. A 2400 yana ba da fiksel kusan 5,300, wanda ya wuce bukatar A3. Ba sai an wahalar da injin da 4000 ba.

Fim yana bukatar haske ya ratsa ta bayansa. Idan murfin sikanarka ba shi da fitila a ciki, ba ta fim ba ce, kuma babu lambar da za ta gyara wannan. Siraran injunan da ke haɗe da firinta a ofisoshi galibi na takarda ne kawai.

Lambar kwali da lambar gaskiya

Bayan iyakar abin da hoton yake ɗauke da shi, iyaka ta biyu ita ce ta injin kansa. A jikin kwali za ka ga lambobi biyu. Wadda aka rubuta optical a gefenta ita ce yawan ɗigon da idon injin yake ɗauka. Wadda aka rubuta interpolated, mai kai 9600 ko 19200 ko fiye, ƙirƙira ce: injin yana cusa ɗigo na hasashe tsakanin na gaskiya. Kada ka taɓa wuce ta farkon. Idan ka ga an rubuta 1200 x 2400, ƙaramar ita ce ta idon injin, babbar kuma takun motar da ke jan shi ce.

Ko lambar optical ɗin ma ba duka take biya ba. Sikana mai shimfiɗaɗɗen gilashi irin Epson V600 an rubuta mata 6400, amma ruwan tabaronta da gilashin da ke tsakani ba sa barin kaifin gaskiya ya kai ko rabin haka. Injunan da aka ƙera don fim kaɗai, irin Nikon Coolscan mai 4000, sun fi kusantar abin da aka rubuta musu. Ma'anar wannan a aikace ita ce, 3200 daga shimfiɗaɗɗiyar sikana da 3200 daga injin fim girman fayil ɗinsu ɗaya ne, kaifinsu daban. Da shimfiɗaɗɗiya, fim ɗin 35mm yana fita da kyau har zuwa A4. Idan A3 ake so mai kaifi, a nemi injin fim.

Ba sai ka yarda da kwali ko da ni ba, gwajin minti goma ne. Ka zaɓi hoto mafi kaifi a cikin tarin. Ka ja ɗan ƙaramin akwati a kan wuri mai ƙananan bayanai, kamar ido, ko aikin hula, ko lambar mota. Ka ɗauki wannan akwatin sau uku ba tare da ka motsa hoton ba: ga kati 600, 1200 da 2400, ga fim kuma 1600, 3200 da 6400 ko iyakar injin. Sannan ka buɗe su gefe da gefe, ka daidaita su yadda idon zai zama girma ɗaya a allo. Tambayar ita ce, akwai wani zare ko harafi da ya bayyana a babbar lamba wanda babu shi a ta ƙasa? Inda ka ga hoton ya ƙara girma kawai ba tare da sabon abu ba, nan ne iyakar injinka da wannan hoton. A fim akwai ƙarin alama: idan ƙwayoyinsa sun fito tsantsan kamar yashi, injin ya kai ƙarshen abin da ke ciki. Idan sun fito a dame, ko injin ya gaza ko kuma fim ɗin bai zauna daidai a mariƙinsa ba. Fim da ya lanƙwashe yakan fito da kaifi a gefe da laushi a tsakiya, ko akasin haka. Kafin ka ƙara lamba, ka sake zaunar da shi.

Zama a gaban injin

Ka fara da ƙura, domin a 3200 ƙwayar da ido ba ya gani takan fito kamar tsakuwa a kan kumatu. A lokacin hunturu wannan yaƙi ne na gaske: ka rufe taga, ka kashe fanka, ka goge gilashin da kyalle mai laushi marar gashi, ka hure fim ɗin da 'yar robar hura iska ta masu kyamara. Kada ka hura da baki, kada ka sa ruwa, kuma ka riƙe fim ta gefe.

Ka buɗe manhajar sikanar a yanayin da ke ba ka iko, wanda a Epson Scan ake kira Professional Mode. Ka bar Target Size a kan Original, ma'auni kuma a 100%. Wannan wuri ne da ake yawan kuskure: idan aka sa girman wanki a nan sannan aka rubuta 2400, injin zai ninka lissafin sau biyu ya haifar da fayil ɗin da kwamfuta ba za ta iya buɗewa ba. Ka yi Preview, ka ja akwati a kan hoton ka bar ɗan gefe, ka kuma daidaita shi a miƙe tun a kan gilashi, tunda juya shi a kwamfuta yana ɗan rage kaifi.

Ka kashe Unsharp Mask. Kaifin da yake ƙarawa yana da kyau a ƙaramin allo, amma yana zana farin layi a gefen fuska da hula, kuma idan aka faɗaɗa hoton layin ma faɗaɗa yake yi, ba ya gogewa. Kaifi ana ƙara shi ne a ƙarshe, bayan an san girman wanki. Digital ICE, mai gano ƙura da hasken da ido ba ya gani, yana aiki sosai a fim ɗin kala. Amma a fim baƙi da fari na gargajiya azurfar da ke cikinsa tana tare wannan hasken, sai injin ya ɗauki hoton kansa a matsayin datti ya dame shi. Silaid ɗin Kodachrome ma yakan ba shi matsala. A waɗannan biyun a kashe shi.

Ka zaɓi 48-bit Color, mai adana matakan launi da yawa fiye da 24-bit, ga fim da duk hoton da ya koɗe. Hoton da ya koma ja ko ruwan ƙasa sai an ja launinsa da ƙarfi wajen gyara, kuma idan a 24-bit aka ɗauke shi, sararin sama da bangon situdiyo sukan rabu layi-layi. Ko tsohon kati baƙi da fari ne, na fi son ɗaukarsa a kala, domin tabon ruwa mai launin rawaya ya fi sauƙin cirewa idan launinsa yana nan.

Katin da ke da saƙa irin ta gidan zuma, wanda aka yi yayi a shekarun 1970, fitilar injin tana haska kowane tudu nasa, kuma babbar lamba tana ƙara fito da su ne. Ka gwada juya katin a kan gilashi ka ga ta wane gefe saƙar ta fi kwanciya. Hoton da aka yanko daga jarida ko kalanda kuwa ɗigon tawada ne tun asali, 600 ta ishe shi tare da Descreening mai lafar da ɗigon, kuma ba zai faɗaɗa da kyau ba ko me aka yi.

Fayil ɗin da za a ajiye

Kafin ka danna Scan, ka san nauyin da ke zuwa:

```
bayit = faɗi × tsayi × 3   (24-bit)
bayit = faɗi × tsayi × 6   (48-bit)
```

Fasfonmu a 2400 da 48-bit zai kai kusan megabayit 84. Filin 35mm ɗaya a 4000 kusan megabayit 128 ne, don haka fim mai hoto 36 ya wuce gigabayit huɗu da rabi. Wannan ne dalilin da ya sa ba a ɗaukar komai a babbar lamba. Idan tarin yana da yawa, a bi katunan 10 da 15 a 600, a ware 'yan kaɗan ɗin da za a faɗaɗa a ba su lissafinsu.

Ka adana na asali a TIFF, tsarin fayil da ba ya zubar da bayanai, kada ka yi gyara a kansa, ka kwafa ka yi aiki a kan kwafin. JPEG yana zubar da bayanai a ƙananan murabba'ai na fiksel 8 da 8, kuma duk lokacin da aka gyara aka sake adanawa yana ƙara zubarwa. Waɗannan murabba'an ba a ganinsu sai an faɗaɗa. Idan shago ne zai yi maka, ka faɗa masa lambar da bakinka, ka ce ba PDF kake so ba, ka karɓa a filashi. In dole sai ta WhatsApp, a turo shi a matsayin Document, domin idan aka turo shi a matsayin hoto manhajar tana rage shi ta matse shi.

Kafin ka bar shagon, ka buɗe Properties na fayil ɗin a kwamfuta, ka shiga Details, ka karanta faɗi da tsayi a fiksel. Lambar dpi da ke rubuce a wurin lakabi ce kawai, kowa na iya sauya ta ba tare da hoton ya canza ba. Ka raba faɗin da 300, abin da ya fito shi ne incin da za ka iya wankewa. Idan fasfon ya nuna 413 da 531, a 300 aka ɗauke shi, sai a mayar da shi kan gilashi a sake.